Yadda Ake Tabbatar da Oda ta Imel: Misalin Tirelar Masara daga Saminaka zuwa Kano

Yawancin cinikin kaya masu nauyi a waya ake ƙulla shi. A yi tayi, a ja, a sallama, sannan kamfani ya turo takardar odarsa, wadda 'yan kasuwa suka fi sani da LPO. Tsakanin maganar baki da wannan takarda, abu uku ne suka fi sauya kama ba tare da kowa ya lura ba: farashi, yawan kaya da ranar kaiwa. Aikin imel ɗin tabbatarwa shi ne ya tattara waɗannan ukun wuri guda, a rubuce, ya kuma samo amincewar ɗaya ɓangaren kafin buhu ko ɗaya ya hau mota.

Ma'aunin imel mai kyau guda ɗaya ne. Idan aka miƙa shi ga akantan kamfani ko mai kula da sito, wanda bai ji komai daga cinikin da aka yi a waya ba, ya kamata ya iya karɓar kaya ya biya kuɗi ba tare da ya kira kowa ba. Duk inda zai tsaya ya yi tambaya, nan ne rigima za ta ɓullo daga baya.

Za mu bi misali ɗaya har ƙarshe. Wani dilan hatsi a Saminaka, jihar Kaduna, ya yi ciniki da kamfanin abincin kaji da ke Sharaɗa a Kano kan tirela ɗaya ta farar masara. Alƙaluman da ke nan na misali ne, tunda farashin hatsi ba ya kwana wuri ɗaya. A waya sun daidaita kan tan 30, kowane tan naira 380,000. Da LPO ta iso sai ga abin da ke cikinta: buhu 300, kowanne naira 38,000, jimla naira 11,400,000, ranar kaiwa 10/11/2025. A ido komai ya yi daidai. A zahiri akwai rami uku a cikin wannan gajeriyar takarda.

Kafin ka rubuta komai

Ajiye LPO a gefe ɗaya, abin da ka rubuta lokacin waya ko saƙonnin WhatsApp da kuka yi a ɗaya gefen, ka bi su layi-layi. Sake buga lissafin da hannunka, domin ana samun kuskure ko a takardar babban kamfani. Duba kuma ƙasan takardar da bayanta, inda ake ɓoye sharuɗɗa da ƙananan haruffa: biya bayan kwana 30, tarar jinkiri, ikon mayar da kaya. Idan ka amsa da "na karɓa" kurum, to ka karɓa har da su.

Kada imel ɗin ya kwana. A aika shi ranar da oda ta iso, kafin a sayi kaya ko a kama mota. Wanda ya riga ya loda tirela ba shi da sauran ƙarfin ja, sai abin da aka ce masa.

Yawan kaya: buhu ba ma'auni ba ne

A nan ne aka fi asarar kuɗi, don haka nan ya kamata a fi daɗewa. A kasuwa ana kiran babban buhun masara "mai kilo 100", amma wanda ya saba da sikeli ya san buhun da aka cika da kwano ko mudu ba kullum yake kai haka ba. Wani ya haura, wani ya gaza. A ce buhunan dilanmu sun tsaya a kilo 96. Buhu 300 zai ba da kilo 28,800 ke nan, ba 30,000 ba. Dila zai ce LPO buhu 300 ta ce, kuma ga buhu 300 an ƙirga. Kamfani zai ce tan 30 aka yi ciniki, sikelinsu kuma ya nuna giɓin kilo 1,200. A kan naira 380 kowane kilo, abin da ake jayayya a kai naira 456,000 ne. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya riƙe rabin maganar da ta yi masa daɗi ne.

Saboda haka dole imel ya zaɓi ma'auni ɗaya da za a biya kuɗi a kansa, ya ce ɗayan bayani ne kawai. Kamfanonin abincin kaji da nauyi suke lissafi, don haka mafi sauƙi a rubuta: kilo 30,000, a cikin buhu kimanin 300, kuma nauyi ne abin biya, ba ƙidayar buhu ba.

Daga nan sai tambaya ta biyu: sikelin wa? Babban sikelin da mota ke hawa a ƙofar kamfani da wanda aka auna da shi wurin lodi ba sa taɓa yin daidai ɗari bisa ɗari. A faɗi wanda za a yi aiki da shi. Idan na kamfani ne, a rubuta cewa wakilin dila ko direba zai tsaya a auna motar da kaya a gabansa, a sake auna ta babu kaya, a ba shi kwafin takardar awo. A kuma yanke iyakar abin da za a yafe wa juna, misali rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wato kilo 150 a tan 30. Abin da ya wuce haka a rage ko a ƙara a kan farashin da aka yi. Wasu kamfanoni suna cire nauyin buhun da babu komai a ciki. Idan haka ne tsarinsu, a sani tun yanzu.

Danshi ma yana cikin maganar nauyi, musamman a watan Nuwamba da sabuwar masara ke shigowa. Masarar da ba ta gama bushewa ba ruwa ake saye da kuɗin hatsi. Tan 30 mai danshin kashi 17, idan ya bushe ya koma kashi 14, zai rage kilo dubu ɗaya da ɗan ɗori, kusan naira dubu ɗari huɗu ke nan a farashinmu, ban da haɗarin fumfuna. Shi ya sa ake soka na'urar gwaji cikin buhu a ƙofa kafin a bar mota ta shiga. "Masara mai kyau, busasshiya" ba sharaɗi ba ne, yabo ne. Sharaɗi shi ne: danshi kada ya wuce kashi 14, kuma idan ya wuce ga abin da za a yi, ko rage kuɗi ko mayar da mota, da wanda zai biya kuɗin komawa.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mai ciniki a ƙasar Hausa. A hadisin Ibn Abbas da Buhari da Muslim suka ruwaito kan cinikin salam, inda ake ba da kuɗi kafin kaya, an sharɗanta mudu sananne, nauyi sananne da lokaci sananne. Imel ɗin nan wuri ne kawai na rubuta su.

Farashi: me ke cikinsa, me ba ya ciki

Naira 380,000 a ina? A Saminaka, ko a ƙofar kamfani a Sharaɗa? Idan kuɗin tirela naira 600,000 ne, bambancin naira 20,000 ne a kowane tan, wanda sau da yawa ya fi ribar da dila ke nema. Rubuta ƙarara cewa farashin ya haɗa da buhu, lodi, kuɗin mota da duk abin da ake biya a hanya, sannan saukewa a kan kamfani take, ko akasin haka. Kuɗin 'yan dako ba shi da yawa idan aka kwatanta da kuɗin kaya, amma shi ne ke tsayar da tirela awa uku ana gardama a bakin sito.

Rubuta farashin ɗaya, rubuta jimla, sannan ka maimaita jimlar da kalmomi. Sifili ɗaya da ya ɓace ko ya ƙaru yana da wuyar gani a fuskar waya, amma "miliyan goma sha ɗaya da dubu ɗari huɗu" ba ya rikicewa. Idan abokin cinikin yana Maraɗi ko Damagaram, a faɗi kuɗin da za a biya da shi, naira ko sefa, da canjin da aka tsayar. Kuma a rubuta sefa da alƙalumanta na takarda, domin a bakin kasuwa da dala ake ƙirga ta, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce.

Sai haraji. Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun watan Fabrairun 2020. Ɗanyen kayan abinci irin masara ba a ɗora masa, amma ga mai sayar da roba, ƙarfe ko kayan ofis, rashin faɗin ko farashi ya haɗa da shi babban giɓi ne: a kan miliyan goma, naira 750,000 ne. Akwai kuma harajin da kamfanoni ke cirewa daga kuɗin mai kawo kaya su miƙa wa hukuma a madadinsa. Dila da yawa ba sa sanin da shi sai sun ga alat bai cika ba. Tambayi kamfanin a cikin imel ko za su cire, kashi nawa, kuma yaushe za su ba ka shaidar biya.

A ƙarshe a sa wa farashin wa'adi. Idan kafin alƙalami bai shigo ba har ranar da aka ambata, wannan farashin ya daina aiki, sai a sake magana. Ba tare da wannan layi ba, kamfani zai iya yin shiru mako biyu, kasuwa ta hau, sannan ya ce a kawo a tsohon kuɗi.

Ranar kaiwa

10/11/2025 a wurinmu 10 ga Nuwamba ce. Amma kwamfutar da aka saita bisa tsarin Amurka wata take fara rubutawa, ta karanta shi 11 ga Oktoba. Maganin wannan mai sauƙi ne: sunan rana, kwanan wata, sunan wata, shekara. "Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025." Sunan ranar yana kuma tona kuskure, don idan bai dace da kwanan watan ba wani zai tanka.

A guji "cikin mako mai zuwa", "bayan Sallah" da "nan ba da jimawa ba". A guji ma "cikin kwana biyar" sai an faɗi daga yaushe za a fara ƙirga: daga ranar imel, ko ranar da kuɗi ya shigo? Da Asabar da Lahadi a ciki, ko ranakun aiki kawai?

Abin da aka fi mantawa shi ne ko ranar ta tashin mota ce ko ta isarta. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A dokar sayar da kaya ta 1893 da Najeriya ta gada daga Ingila, wadda dokokin jihohi da dama suka bi sawunta, idan mai sayarwa ne zai aika kaya kuma ba a faɗi wani abu daban ba, miƙa su ga mai mota ana ɗaukarsa kamar miƙa wa mai saye ne. To idan tirela ta faɗi a hanya ko ruwa ya jiƙa kaya, asarar wa? Layi ɗaya ya raba gardama: kaya suna wuyan dila har sai an auna su an sa hannu a takardar karɓa a Sharaɗa.

A rubuta lokacin da sito ke karɓar kaya. Motar da ta iso bayan an rufe ƙofa sai ta kwana, mai mota kuma zai nemi kuɗin zama. Ranar Juma'a a Kano, aikin sauke kaya kan tsaya da rana, don haka idan da hali a kauce mata.

Idan abin da za ka rubuta ya saɓa wa LPO

Dilanmu ba zai iya kaiwa ranar Litinin 10 ga wata ba, sai Laraba 12. Kuma yana so a koma lissafin nauyi. Wannan ya sa imel ɗinsa ba amincewa ba ce tukuna. A ƙa'idar kwangila, amsar da ta sauya wani sharaɗi sabon tayi ce, kuma ba ta ɗaure kowa sai ɗaya ɓangaren ya karɓe ta. Wanda ya cusa sabuwar rana a tsakiyar dogon imel da fatan ba za a lura ba, kansa ya cuta: ranar rigima kamfani zai fito da LPO, shi ya fito da imel, kowa da takardarsa. A ɗora bambance-bambancen a sama, inda ido zai fara sauka, a nemi amsa a kansu.

A wurin `Subject` a sa lambar oda da kayan, ta yadda za a iya nemo shi bayan wata shida. A aika wa wanda ya sa hannu a LPO, a sa akanta da mai kula da sito a `Cc`. Ga yadda imel ɗin zai kasance:

> Tabbatar da oda mai lamba 0457: farar masara kilo 30,000
>
> Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.
>
> Mun karɓi odarku mai lamba 0457 yau Litinin, 3 ga Nuwamba, 2025. Akwai wuri biyu da abin da ke ƙasa ya bambanta da ita: biya a kan nauyi ne ba ƙidayar buhu ba, kamar yadda muka yi a waya, sannan ranar kaiwa 12 ga wata ce ba 10 ba.
>
> Kaya: farar masara ta bana, danshi bai wuce kashi 14 ba, babu ƙwari, babu fumfuna. Idan danshi ya wuce haka kuna da ikon ƙin karɓa, kuɗin mota a kanmu.
>
> Yawa: kilo 30,000, cikin buhu kimanin 300. Sikelinku za a bi, a gaban wakilinmu. Ragi ko ƙarin da bai wuce kilo 150 ba an yafe. Abin da ya haura a lissafa shi kan naira 380 kilo ɗaya.
>
> Farashi: naira 380,000 tan ɗaya, jimla naira 11,400,000 (miliyan goma sha ɗaya da dubu ɗari huɗu). Ya haɗa da buhu, lodi da mota har ƙofarku. Saukewa a kanku take.
>
> Biya: rabi, naira 5,700,000, zuwa Alhamis 6 ga Nuwamba; idan ya wuce ranar, wannan farashin ya daina aiki. Ragowar cikin ranakun aiki uku bayan an sa hannu a takardar karɓa. Don Allah a sanar da mu idan akwai harajin da za ku cire.
>
> Kaiwa: Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, tsakanin ƙarfe 8 na safe da 3 na yamma, a sitonku na Sharaɗa. Kaya suna wuyanmu har a sa hannu.
>
> Muna roƙon a amsa wannan imel da "mun amince" kafin ƙarfe 4 na yammacin gobe Talata. Ba za mu fara lodi ba sai mun ga amsarku.
>
> Allah ya sa albarka.

A lura cewa sharuɗɗan suna cikin jikin imel, ba a cikin takardar da aka liƙa kawai ba. Mutum a waya ba kasafai yake buɗe abin da aka liƙa ba, kuma amsar da zai bayar za ta zauna kai tsaye a saman abin da ya amince da shi. Kwafin LPO a liƙa shi a matsayin ƙari. Idan da Turanci kamfanin ke aiki, tsarin ɗaya ne, harshe kawai zai sauya. Idan kuma kai ne mai saye, kai ma kana iya fara aikawa. Ba doka ba ce sai mai sayarwa.

Amsa

Shiru ba amincewa ba ce, ko da ka rubuta cewa idan ba ka ji komai ba za ka ɗauka an yarda. "Na gani" ma ba ta wadatar ba, tana nuna saƙo ya isa ne kawai. Idan lokaci ya ƙure babu amsa, ɗaga waya. Wasu na jin nauyin matsa wa babban mutum kan rubutu bayan an riga an yi magana, kamar ana zarginsa. Hanyar da ta fi laushi ita ce a jingina abin ga tsari: "Alhaji, akanta ne ba ya sakin kuɗin mota sai ya ga amsa a rubuce, a taimaka mana da layi ɗaya." Da wuya a ƙi.

Duba wanda ya amsa. Amincewar ƙaramin ma'aikacin da ba shi da ikon saye tana iya zama abin musu daga baya. Wanda ya sa hannu a LPO ake so, ko wanda ke sama da shi.

Duk sauyin da ya biyo baya ta waya, a mayar da shi cikin zaren imel ɗin nan a ranar, ta hanyar `Reply All`, ba sabon saƙo ba. Manaja ya kira ya ce a jinkirta zuwa Alhamis saboda sito ya cika? Rubuta: "Bisa wayarmu ta ɗazu, ranar kaiwa ta koma Alhamis 13 ga Nuwamba, sauran sharuɗɗa suna nan yadda suke." Wannan jimla ta ƙarshe ita ke hana a ce tunda rana ta sauya, komai ya buɗe.

Sauyi ɗaya ne ba a karɓa ta imel ko kaɗan: lambar asusun banki. 'Yan damfara kan kutsa akwatin imel na ɗan kasuwa, ko su ƙirƙiri adireshin da harafi ɗaya ya bambanta shi da na gaske, su jira har ana gab da biya, sannan su turo saƙo cewa asusu ya sauya. Mai biya ya kira lambar wayar da ya sani tun da, ba wadda ke cikin sabon saƙon ba, ya kuma duba sunan da banki ya nuna kafin ya tura.

Adanawa da rufe ciniki

Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya ba kotunan Najeriya damar karɓar takardun da suka fito daga kwamfuta, imel a ciki, da sharaɗin a nuna yadda aka samar da su da kuma cewa na'urar tana aiki daidai. Don haka kada a goge asalin saƙon daga akwati a dogara da hoton fuskar waya. Hoto ba ya nuna cikakken adireshin mai aikawa da hanyar da saƙo ya bi, kuma yana da sauƙin musantawa. A ajiye zaren gaba ɗaya, tare da LPO, shaidar biyan banki, takardar rakiyar kaya da takardar awo, a wuri guda mai lambar oda.

Ranar da mota ta tashi, a ƙara layi a zaren: lambar mota, ƙidayar buhu, nauyin da aka samu wurin lodi. Ranar da aka sauke, kafin kowa ya manta, a rufe lissafi. A ce sikelin Sharaɗa ya nuna kilo 29,700, danshi kashi 13.5. Giɓin kilo 300 ne, an yafe 150 bisa sharaɗi, saura 150 a kan naira 380, wato naira 57,000. Jimla ta koma naira 11,343,000. An riga an biya 5,700,000, saura 5,643,000, kuma tunda ranar Alhamis 13 aka sa hannu, ranakun aiki uku za su cika Talata, 18 ga Nuwamba. Waɗannan alƙaluma dila zai rubuta, ya liƙa hoton takardar awo, ya sa akanta a `Cc`.